Guga mai yoyo: waiwaye kan ƙayyade kiran API

Da hantsi wayar ta shigo, ina Maraɗi. Sakataren wata ƙungiyar manoma ne daga Gidan Sori, a gundumar Gidan Rumji, dattijo sa'an mahaifina. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Ɗana, na'urarka ta yi fushi. Ga mutane a layi tun asuba, ita kuwa sai cewa take a jira."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Da farko lafiya lau. Minti goma ba a yi ba ta ƙi."

Ni na rubuta masu manhajar rajistar taki, ni kuma na ɗaura mata takunkumin da ya tsayar da layin. Na ɗaura ne saboda makonni kaɗan kafin nan wani da ban taɓa sanin ko wane ne ba ya kwana yana kiran ƙofar da ke aika lambar tabbatarwa ta saƙon waya, har kuɗin saƙon da aka saya don rajistar duka ya ƙare kafin gari ya waye. Na toshe ɓarawo, sai ga shi na toshe masu gida. Abin da ya same ni ran nan ya samu kamfanonin da suka fi ni nesa ba kusa ba, kuma tarihinsa ya kai shekara arba'in.

Ga wanda bai saba ba: API ƙofa ce da manhaja ke ƙwanƙwasawa. Idan ka danna maɓalli a waya, wayar na aika kira zuwa wata kwamfuta mai zaman jiran kira, wadda ake ce wa saba, ita kuma ta mayar da amsa. Mutum yana gajiya da danne-danne. Manhaja ba ta gajiya, tana iya ƙwanƙwasa ƙofa sau dubu kafin ka kurɓi shayi. Dole ke nan a sami mai tsaron ƙofa da zai ce wa mai kira guda ya isa haka, ya dawo an jima.

Dabarar ƙirgar ta riga yanar gizo haihuwa. A 1986 Jonathan Turner, malami a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ya bayyana wani tsari na hana mai amfani guda cika layin sadarwa, ya kwatanta shi da guga mai yoyo. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da tsohon guga ya gane zancen. Kowane saƙo da ya shigo kamar an zuba moɗa guda ne a gugan. Gugan na yoyo a hankali, daidai wa daida. Mai zubawa sannu ba zai taɓa cika shi ba, mai kwararawa kuwa zai ga ruwa na malala, kuma abin da ya malala an yar. A watan Oktoba na wannan shekarar ce kuma intanet ta ɗanɗana abin da ake gudu: layin da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, tafiyar da ba ta kai rabin kilomita ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Babu ɓarawo a ciki. Kwamfutoci ne kowace ta ga saƙonta bai isa ba sai ta sake aikawa, cunkoso ya haifi cunkoso. Maganin da Van Jacobson ya wallafa a 1988 ya ƙunshi koya wa mai aikawa ja da baya: in an ƙi ka, ka jira, in an sake ƙin ka, ka ninka jiran. A riƙe wannan, zai dawo mana a Gidan Sori.

Gugan yana da ɗan'uwa da ya fi shi karɓuwa wajen masu API, wato bokitin tikiti. Lissafinsu kusan ɗaya ne, an dai juya hoton. Kowane mai kira yana da bokiti, a ce mai cin tikiti 20. Duk daƙiƙa 6 ana jefa masa tikiti guda, wato 10 a minti. Kowane kira yana cin tikiti ɗaya. Wanda ya daɗe bai kira ba zai tarar da bokitinsa cike, yana iya yin kira 20 a jere ba mai ce masa uffan. Na 21 ne za a ce masa ya jira daƙiƙa 6. In ya huta minti biyu bokiti ya sake cika, amma ko shekara ya yi bai zo ba tikiti ba za su wuce 20 ba. Abin da ya sa masu sana'a ke son wannan tsari shi ne arharsa. Ba sai ka ajiye tarihin kowane kira ba, lamba biyu kawai za ka riƙe wa kowa: tikiti nawa suka rage masa, da kuma yaushe ka duba na ƙarshe. Kuma yana barin mutum ya yi abu irin na mutane, ya yi shiru, ya zo da gaggawa, ya sake yin shiru.

Ita yanar gizo da ta zo ba ta zo da kalmar "ka cika kira" ba. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta 1997 tana da lamba 503, mai nufin saba ta gaza a yanzu, tana kuma da layin `Retry-After` da ke faɗin lokacin dawowa. Sai dai 503 kukan saba ce a kan kanta, ba tuhumar mai kira ba ce. Da Salesforce da eBay suka buɗe API a 2000, Amazon ta biyo a 2002, kowa sai ya ƙirƙiro tasa hanyar kora. Twitter, wadda ta buɗe tata ƙofar a 2006, ita ta fi barin labari. Ta yi zamanin kira 70 a awa, aka kai 100, aka kai 150. Waɗanda ta amince da su ta sa su a jerin 'yan gata masu kira 20,000 a awa, har zuwa farkon 2011 da ta daina sa kowa a jerin. Wanda ya wuce iyaka a babbar ƙofar ana mayar masa da 400, lambar da asali ke nufin kiranka ne ba daidai ba. A ƙofar bincike kuwa sai aka ba shi wata lamba da babu ita a kowace ƙa'ida: `420 Enhance Your Calm`, wato ka kwantar da hankalinka. Raha ce ta injiniyoyi, amma ta yi tsawon rai, don ƙa'idar HTTP/2 ta 2015 ta ɗauki sunan ta ba ɗaya daga cikin lambobin kuskurenta.

Wannan ruɗani ba ƙaramin abu ba ne ga mai rubuta manhaja. In ka ga 400 za ka zaci kai ka yi kuskure, ka zauna kana neman aibin da babu shi. In ka ga 503 za ka zaci saba ce ta faɗi, ka yi ta sake gwadawa, kana ƙara wa kanka laifi. A watan Afrilu na 2012 Mark Nottingham da Roy Fielding suka fitar da RFC 6585, takarda gajera mai sababbin lambobi huɗu, cikinsu har da wadda kowa ya sani yau:

```
HTTP/1.1 429 Too Many Requests
Retry-After: 6
```

A shekarar Twitter ta koma kan 429 a sabon zubin API ɗinta, ta kuma rage tagar ƙirga zuwa minti 15. GitHub ta tsayar da kira 60 a awa ga wanda bai nuna shaidarsa ba, 5,000 ga wanda ya nuna, tana kuma gaya wa mai kira matsayinsa a kowace amsa ta layukan `X-RateLimit-Limit`, `X-RateLimit-Remaining` da `X-RateLimit-Reset`: iyakarka ke nan, ga abin da ya rage, ga lokacin da za a sake cika maka. Kusan kowa ya kwaikwayi waɗannan sunaye, kowa da ɗan bambancinsa, abin da ya sa tun 2019 ake ta aikin daidaita su a IETF, majalisar da ke fitar da ƙa'idojin intanet.

Ƙirga da awa tana da wata ɓaraka da aka daɗe da sani. In iyaka 60 ce a awa kuma ana share allo duk lokacin da agogo ya buga, mai wayo zai yi kira 60 da ƙarfe 9:59, ya ƙara 60 da ƙarfe 10:00, ya samu 120 cikin minti biyu ba tare da ya karya doka ba. Gyaran da Cloudflare ta bayyana a 2017 mai sauƙi ne: a riƙe ƙirgar awar da ta wuce, a ɗauki kasonta gwargwadon abin da ya rage a cikin taga. A ce mutum ya yi kira 48 tsakanin tara da goma, yanzu goma da kwata, ya kuma yi 20 a sabuwar awa. Kashi uku cikin huɗu na tsohuwar awa har yanzu yana cikin minti sittin na baya, don haka a ɗauki 36 daga cikin 48, a haɗa da 20, ya zama 56. Saura masa huɗu. Kintace ne, amma kintace mai kyau, kuma shi ma lamba biyu kawai yake ci.

Batun yadda za a ƙirga ke nan, kuma a ganina an gama shi tuntuni. Wanda ba a gama ba yana nan a rubuce cikin RFC 6585 ɗin kanta. Takardar ta faɗa ƙarara cewa ba ta fayyace yadda saba za ta gane mai kira ba, ba ta kuma fayyace yadda za ta ƙirga ba. Ta ba da kalmar kora, ta bar wa kowa ya san wanda zai kora. Duk abin kunyar da za mu gani a nan ya ɓuya.

Kamfanonin farko-farko sun faɗa ne don babu mai tsaron ƙofa na kirki. A watan Yuni na 2010 aka zaƙulo adireshin imel kusan 114,000 na masu iPad daga wata ƙofar kamfanin AT&T, ta hanyar jera mata lambobin katin waya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2013 wasu masu bincike da ke kiran kansu Gibson Security suka yi gargaɗi cewa ƙofar neman abokai ta Snapchat tana amsa lambobin waya ba adadi. Kamfanin bai ɗauki abin da zafi ba. Sabuwar shekarar 2014 na kamawa aka watsa sunaye da lambobin mutum miliyan 4.6. Abin lura shi ne ba a fasa komai ba. Kowane kira halattacce ne, irin wanda wayarka ke yi in ka ba ta izinin duba littafin lambobinka. Yawan ne kawai ya mai da shi sata.

A gwada da namu. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, wato duk duniya ba za ta wuce lamba miliyan 100 ba, kuma waɗanda kamfanonin waya suka raba ba su kai haka ba. Ƙofar da ke amsa tambayar "wa ke da wannan lamba?" in tana karɓar kira 1,000 a daƙiƙa, za a tambaye ta ƙasar kaf cikin awa 28. A sa mata iyakar 60 a awa ga kowane adireshin IP, aikin ya koma na shekara 190. Sai mai gida ya yi barci da minshari. To amma in ɓarawo ya yi hayar adireshi 10,000, kowanne yana tafiya a hankali ƙasa da iyaka, shekara 190 ta dawo mako guda.

Haka aka yi wa Facebook. A ranar 4 ga Afrilu 2018 kamfanin ya rufe hanyar neman mutum da lambar wayarsa, ya amsa cewa mai yiwuwa an kwashi bayanan fili na yawancin masu amfani da shi ta nan. Mark Zuckerberg ya shaida wa 'yan jarida cewa suna da iyakar kira, amma maharan sun riƙa sauya adireshi dubbai bisa dubbai, kowanne ya yi 'yan kira kaɗan ya ba na gaba. Abin takaicin, kamfanin da kansa ya ce hanyar ta fi amfani ga mutanen da rubuta sunansu ke da wuya ko masu tarayya a suna, har ya ba da misalin Bangladesh, inda ta kai kashi 7 cikin ɗari na duk bincike. Duk wanda ya taɓa neman wani Sani Abdu a Facebook ya san da mu ake. Bayan shekara uku, a Afrilun 2021, bayanan mutum miliyan 533 daga ƙasashe 106 suka bayyana kyauta a intanet, waɗanda kamfanin ya ce an kwasa ta ƙofar shigo da littafin lambobi kafin Satumban 2019. Hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci shi tarar Yuro miliyan 265 a Nuwamban 2022.

Misalin da na fi koyon darasi a kansa shi ne na lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6, irin wadda ake turo maka in ka manta kalmar sirri. Zaɓi miliyan ɗaya ne kacal. Abin da ke tsare asusunka ba wuyar lambar ba ne, ƙarancin damar gwaji ne. A 2016 Anand Prakash, ɗan Indiya, ya tarar babban shafin Facebook yana tsayar da mai gwaji bayan kuskure goma sha wani abu, amma shafin gwajinsu na `beta.facebook.com`, mai aiki da asusun gaske, an manta ba a sa masa iyaka ba. An kulle ƙofar zaure, an bar ta baya a buɗe. Ya kai rahoto aka ba shi Dala 15,000. A 2019 wani ɗan Indiyan, Laxman Muthiyah, ya dubi Instagram. Nan akwai iyaka, kusan gwaji 200 daga adireshi guda, lambar kuma tana mutuwa bayan minti 10. Sai ya yi hayar kwamfutoci 1,000 ya aika gwaji 200,000 kusan a lokaci ɗaya, suka wuce. Ya lissafa cewa adireshi 5,000 sun isa a gwada miliyan ɗin duka, a kan kuɗin haya kusan Dala 150. An biya shi Dala 30,000.

Kuskuren a bayyane yake in an nuna maka shi. An rataya ƙirgar a wuyan mai gwaji, alhali mai gwaji yana iya zama mutum dubu biyar. Asusun da ake hari kuwa guda ne, ba ya rabuwa. A wuyansa ya kamata a rataya ta: wannan lamba gwaji biyar gare ta, daga ko'ina suka fito, in sun ƙare ta mutu. Damar mai hari ta koma ɗaya cikin 200,000. Ko nan ma da sauran aiki. In ka bar shi ya nemi sabuwar lamba sau uku a awa, gwaji 15 ke nan a awa, 360 a yini, sama da 131,000 a shekara, wato damarsa ta haura ɗaya cikin goma in yana da haƙuri. Dole a ɗora iyakar yini a kan ta awa. Akwai kuma dabarar aikawa a lokaci ɗaya: in saba tana duba ƙirga tukuna sannan ta ƙara ɗaya, kira ɗari da suka iso tare duk za su ga ƙirgar tana ƙasa, duk su wuce. Dubawa da ƙarawa sai sun zama aiki guda da ba a shiga tsakaninsa. Shi ya sa ake yawan ajiye ƙirgar a Redis, inda umarnin `INCR` ke ƙara ɗaya ya dawo da sabon adadi a numfashi guda. A 2019 ɗin ne ƙungiyar OWASP ta sa rashin iyakar kira a matsayi na huɗu cikin manyan haɗurra goma na API.

To, mutum guda na iya zama dubu. Ɗaya fuskar, wadda ba a cika rubutawa ba don ba ta taɓa manyan birane sosai, ita ce mutum dubu na iya zama guda. A Fabrairun 2011 rumbun adireshin IPv4 na duniya ya ƙare. A Afrilun 2012, watan da aka haifi 429, aka fitar da RFC 6598, wadda ta ware wa kamfanonin sadarwa zangon `100.64.0.0/10` don su tara abokan cinikinsu a bayan adireshin fili kaɗan. Takardu biyu a wata guda, ɗaya ta ba da sandar kora, ɗaya ta sa jama'a da yawa shiga riga ɗaya. Ƙasashen da suka shiga intanet da wuri sun kwashi adireshi masu yawa. Mu da muka shigo ta wayar hannu, a makare, rabonmu kaɗan ne, don haka adireshin da saba ke gani daga Maraɗi ko Katsina sau da yawa na mutane ne masu yawa da ba su san juna ba. In ɗayansu ya yi ɓarna a ƙofar da ke ƙirga adireshi, sauran su sha 429. IPv6 kuma ta juya matsalar: layi guda kan samu zangon `/64`, mai adireshi fiye da yadda za a iya ƙirgawa, don haka a can zangon ake ƙirgawa, ba adireshi ɗaya-ɗaya ba.

Yanzu sai mu koma Gidan Sori, gindin wani dogon yaro. Bayan daren da aka cinye mana kuɗin saƙo, na buɗe nginx, wadda ke da gugan Turner a cikinta tun 2008, na rubuta layi uku:

```
limit_req_zone $binary_remote_addr zone=kofa:10m rate=10r/m;
limit_req zone=kofa burst=20 nodelay;
limit_req_status 429;
```

Kira 10 a minti ga kowane adireshi, da rarar 20. Na gwada da wayata a Maraɗi, ban ko kusanci iyakar ba. Abin da ban tambaya ba shi ne yadda ake aikin a can. Wakilai shida ne, kuma da yake rezo ba ya kamawa sosai sai a wuri guda, sun rataye ƙaramar na'urar intanet a reshen bishiya cikin jakar leda, duk wayoyin shida suna sha daga gare ta. A idon saba mutum ɗaya ne. Rajistar manomi guda kira huɗu ce: a nemo ƙauye, a aika lamba, a tabbatar da ita, a adana. Kowane wakili yana gama mutum ɗaya cikin minti biyu, su shida manoma uku ke nan a minti, kira 12. Ana cin 12, ana zuba 10. Rarar 20 tana raguwa da biyu duk minti, ta ƙare a minti na goma. Agogon Baba bai yi ƙarya ba.

Da a nan abin ya tsaya da layi ya ɗan rage sauri kawai, tunda har yanzu kira 10 na wucewa duk minti. Laifina na biyu ne ya tsayar da shi cak. Manhajar da ke wayoyin ba ta karanta 429 ba. Duk kuskuren da ta gani sai ta ce a jira, ta mayar da wakili matakin farko. Shi kuma ya sake dannawa nan take, su shida a tare. Tikitin da ke shigowa suna ƙarewa a neman ƙauye da aika sabuwar lamba, ba mai kaiwa mataki na huɗu. Wayar wani manomi ta karɓi lamba har sau biyar, ba a san wadda ke da rai ba. Cunkoson 1986 ne na sake ginawa da hannuna, a ƙaramin sikeli.

Rajistan saba ne ya nuna mani bambancin dare da rana, kuma da na duba shi tun farko da ban yi wannan kuskure ba. Kiran ɓarawo ya zo tsakar dare, ƙofa ɗaya kawai yake bugawa, lambobin da yake ba da su a jere suke kamar an karanto daga allo, ba na Nijar ba ne, kuma ba ko ɗaya da aka dawo aka tabbatar. Wannan sana'a ce sananniya: ana tura saƙonni zuwa lambobin da wani ke samun kaso daga kuɗin isar da su, mai manhaja ya biya. Kiran wakilai kuwa da rana ne, yana bin matakai huɗu a tsare, da shaidar shiga shida daban-daban, kuma kafin takunkumin ya kama kusan duk lambar da aka aika an tabbatar da ita. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wannan ta ƙarshe, yawan lambobin da aka aika a kan yawan waɗanda aka tabbatar. Adireshi bai gaya mani komai ba.

Na ce wa Baba su sha ruwa su ba ni rabin awa. Na cire ƙirgar daga adireshi na mayar da ita kan shaidar wakili, kowa da bokitinsa. Ƙofar aika saƙo, da yake ita ce mai cin kuɗi, na ba ta nata dokokin: +227 kawai, lamba uku a awa ga kowace waya, shida a yini, gwaji biyar ga kowace lamba, sannan rufi guda a kan jimillar saƙon yini duka, wanda in an kusa kai shi wayata za ta yi ƙara. Iyakar adireshi na bar ta ga wanda bai shiga da shaida ba, na kuma ɗaga ta sosai. Gyaran manhajar wayoyin, wato ta jira, ta ninka jiran in an sake ƙin ta, ta ƙara 'yan daƙiƙu na kintace don kada su shida su dawo tare, ta kuma ci gaba daga inda ta tsaya, wannan sai da ya jira mako guda, don ba a sauke sabon zubi ta na'urar da ke rataye a reshe ana tsakiyar layi.

Dokar lamba uku a awa ma ba ta kai la'asar ba. Baba ya sake kira. "Ɗana, ga wata baiwar Allah ta zo da mata bakwai daga unguwarsu, duk wayarta za su sa, ita kaɗai ke da waya. Na'urarka ta karɓi uku ta ƙi sauran."

Na ce, "Baba, a ba ni lambar wakilin da ke gabanta."

Na ƙara wa wakilai ikon buɗe wa waya guda har mutum goma, da sharaɗin sunan wakilin ya shiga rajista a gefen kowane ɗaya. Aka rubuta matan bakwai kafin a kira sallah, aka sauke jakar ledar daga reshe don batirin ya kusa mutuwa.